Gadar baka mai hinji uku: ina nauyi yake bi, ina take lanƙwasawa?

A ƙasar Suwizalan, kusa da garin Schiers, akwai wata gadar kankare da ake kira Salginatobel, wadda injiniya Robert Maillart ya tsara aka kammala ta a 1930. Baka guda ne mai faɗin kusan mita 90 ya tsallake wani kwazazzabo mai zurfi. Bakan ba a dunƙule yake ba. Gida biyu ne, kuma yana da hinji uku: ɗaya a gindin hagu, ɗaya a gindin dama, na uku a can ƙololuwa inda ɓangarorin biyu suka jingina da juna. Haka aka yi wa gadar Alexandre III ta ƙarfe da ke birnin Paris, wadda aka buɗe a 1900.

Mai karatu zai ce, ina hikimar raba gini gida biyu da gangan? Hinji dai irin na ƙyauren ƙofa ne: yana riƙewa gam, amma ba ya hana juyawa. Saboda haka yana miƙa turi daga wannan ɓangare zuwa wancan, amma ƙarfin lanƙwasa a kansa sifili ne. Wannan sifilin shi ne mabuɗin lissafin duka. Kowane gindi yana mayar da martani biyu, na tsaye da na kwance, ga abubuwa huɗu ke nan da ba a sani ba. Dokokin daidaito kuwa uku ne kacal: ƙarfin tsaye ya daidaita, na kwance ya daidaita, na juyi ya daidaita. Hinjin ƙololuwa ne yake ba da sharaɗi na huɗu. Da shi, takarda da biro sun wadatar, ba sai an san kaurin bakan ko irin kankarensa ba.

Bari mu ɗauki ƙaramin baka na misali. Faɗinsa daga gindin A zuwa gindin B mita 20 ne, gindayen biyu a tsayi ɗaya suke, kuma hinjin ƙololuwa C yana tsakiya, mita 4 sama da su. Siffarsa farabola ce. Sai aka ɗora masa nauyin 100 kN, wato kusan tan 10, a wuri guda, mita 5 daga A.

Martanin tsaye ba ya ba da wuya. Idan aka ɗauki juyi a kan A, turin kwance na B ba ya shiga lissafi, domin layinsa ya bi ta kan A ɗin. Abin da ya rage shi ne rabon da bim miƙaƙƙe zai yi: gindin da ya fi kusa da kaya shi ya fi ɗauka.

```
VB = 100 × 5 / 20 = 25 kN
VA = 100 − 25 = 75 kN
```

Yanzu sai turin kwance, H. A nan ake yanke bakan a C, a dubi ɓangare ɗaya kaɗai. Mai wayo yakan zaɓi ɓangaren dama, tunda babu kaya a kansa. Martanin 25 kN yana da nisan mita 10 daga C, shi kuwa H yana mita 4 ƙasa da C, kuma dole juyinsu ya kashe juna.

```
H × 4 = 25 × 10
H = 62.5 kN
```

Tunda kayan a tsaye yake sauka, wannan H ɗin ɗaya ne a gindayen biyu. Bakan yana neman buɗe ƙafafunsa waje, ƙasa kuma tana mayar da su ciki. Kuskuren da ɗalibai suka fi yi a wannan mataki shi ne su ɗauki juyi a kan C amma su haɗa ɓangarorin biyu gaba ɗaya. Idan aka yi haka H na hagu da na dama sukan share juna, a ƙare da sifili daidai da sifili, ba a samu komai ba.

Da martanin a hannu, ana iya tambayar kowane wuri a jikin bakan. Mu zaɓi daidai ƙarƙashin kayan. Da farko sai an san tsayin wurin daga layin gindaye, sannan a tara juyin duk abin da ke hagunsa.

```
y = 4h·x(L − x) / L² = 4×4×5×15 / 400 = 3 m
M = 75×5 − 62.5×3 = 375 − 187.5 = +187.5 kNm
```

A lura da 375 ɗin nan. Ita ce lanƙwasar da bim miƙaƙƙe mai faɗin mita 20 zai sha a wannan wuri. Baka ya rage ta da H sau y, kuma a nan ragin ya cinye rabi cif. Wato a ko'ina, lanƙwasar baka ita ce lanƙwasar bim a cire H sau tsayin wurin.

Abin mamakin yana ɗaya ɓangaren, inda babu kaya ko kaɗan. A mita 5 daga B, tsayin nan ma mita 3 ne, sai lissafi ya ba da 25 sau 5 a cire 62.5 sau 3, wato −62.5 kNm. Alamar ta juya. Ƙarƙashin kaya bakan yana nutsawa, fuskarsa ta ƙasa ce ake ja, can tsagewa za ta fara bayyana. A ɗaya gefen kuwa kumburowa yake yi sama, bayansa ne ake ja. Idan babbar mota ta tsallaka ta koma wancan gefe, al'amarin ya juye. Shi ya sa bakan kankare yake buƙatar rodi a fuskokinsa biyu. Wanda ya zuba rodi a ƙasa kawai, kamar yadda ya saba yi wa bim mai gajeren zango, ya bar rabin aikin a buɗe.

Akwai gwaji mai sauƙi na kama kuskure. A lissafa lanƙwasa a C ta ɓangaren da ba a yi amfani da shi ba: 750 a cire 500 na kaya, a cire 250 na turi, saura sifili. In ba sifili ya fito ba, a koma baya. Galibi an manta gindayen ba a tsayi ɗaya suke ba, a lokacin kuwa H yana shiga lissafin martanin tsaye. Wani kuskuren kuma, wanda wannan gwaji ba ya kamawa, shi ne a sa tsayin farabola alhali bakan yankin da'ira ne. Da namu na da'ira ne, tsayin wurin zai zama kusan mita 3.11, lanƙwasar ta sauko kusan 181.

Mutum zai zaci ƙololuwa ce wuri mafi muni ga kaya. Ta fuskar turi haka ne, domin H yana tashi zuwa 125 kN. Amma lanƙwasar da ta fi girma a lokacin −125 ce, ba ta kai 187.5 ba. Kayan da ya tsaya gefe guda shi ne abokin gabar baka. Nauyin da ya bazu daidai wa daida daga gindi zuwa gindi kuwa ba ya lanƙwasa bakan farabola ko kaɗan, matsi kawai yake sa shi.

A ganina, abin da ya fi cancantar tsoro shi ne turin, ba lanƙwasar ba. A rage tashin bakanmu daga mita 4 zuwa 2: tsayin wurin ya koma 1.5, H ya ninka zuwa 125, lanƙwasar na nan a 187.5 ba ta motsa ba. Harsashi ne ya biya kuɗin kwantar da bakan. Hinji uku suna yafe ɗan zaman ƙasa da miƙewar zafin rana, domin ƙololuwar kawai za ta ɗan ɗaga ko ta sauka ba tare da wani sabon ƙarfi mai yawa ya shiga jikin ginin ba. Amma idan gindi ya ci gaba da zamewa waje, ƙololuwa za ta yi ƙasa, tashin ya ragu, turin ya ƙaru, shi kuma ƙarin turin ya ƙara tura gindin. Saboda haka mai duba irin wannan gada yakan auna tsayin ƙololuwa da tazarar gindaye lokaci-lokaci, ya kuma tabbatar tsatsa ko datti ba su daskarar da hinjin ba, domin hinjin da ya daina juyawa ya fara ɗaukar lanƙwasar da ba a yi lissafinta ba.