Saƙon minti ɗaya zuwa ga Inna

Tsofaffinmu da yawa a Anka, Gummi da Bukkuyum ba sa karanta saƙon waya. Wasu boko ne ba su yi ba, wasu ido ne ya yi rauni, wasu kuwa sai sun ji muryar ɗansu hankalinsu yake kwanciya. Shi ya sa saƙon murya na WhatsApp ya karɓu. Sai dai yawancinmu mukan danna mu yi ta zuba har minti biyar, a gaida wannan, a tambayi wancan, abin da ya sa aka yi saƙon ya nutse a tsakiya. In gargaɗi ne na rai da lafiya, tsara shi ake yi tun kafin a danna.

Mu ɗauki gubar dalma, wadda yankin nan ya san zafinta. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano abin da ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma. Dutsen zinare ne mai dalma a ciki ake kawowa gida, a daka a turmi ko a niƙa a inji, ƙurar ta bi ƙasa, yara masu rarrafe su sa hannu a baki. Yara kimanin 400 suka rasu. A gida mai yawa, tsohuwa ce ke da bakin hana shigo da dutsen. Ga yadda jikarta za ta iya gaya mata:

"Salamu alaikum Inna, ina kwananku? Hadiza ce daga Gusau, yau Talata. Kowa lafiya, magana ɗaya ce gare ni. Don Allah kada ku bari a shigo da dutsen zinare cikin gida, kada a daka shi a turmin hatsi. Ƙurarsa na da guba, ƙananan yara ta fi kamawa. Wanda ya dawo daga wurin haƙa ya yi wanka, ya sauya tufa kafin ya ɗauki yaro. In yaro ya fara amai da ciwon ciki, ko jijjiga ta kama shi, a kai shi asibiti ranar nan, a gaya musu ana aikin zinare kusa. Na maimaita, Inna: dutse kada ya shigo gida. In kun ji, a sa yaro ya turo mini amsa. Allah ya ƙara lafiya."

Wannan bai wuce minti ɗaya ba ko an faɗe shi a tsanake. Hadiza ta faɗi sunanta saboda wayar galibi ta wani jika ce, kuma saƙon da ba suna, in an tura shi gaba, jita-jita yake zama. Ta faɗi ranar saboda sabis yakan ɗauke, saƙo ya kwana biyu a hanya. Ba mu manta da 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara na makonni. "Kowa lafiya" ta zo da wuri domin tsohuwa da ta ji murya a natse za ta zaci rasuwa aka yi, sauran maganar kuma ba za ta shiga kunnenta ba. Sannan roƙo ta yi da "don Allah". Babba ba a ba shi umarni, in ya ji ƙamshin raini ya rufe kunne ke nan.

Saƙon yana da iyaka. Yaro na iya ɗauke da dalma a jini ba tare da wata alama ba, gwajin jini ne kaɗai ke nunawa. Wannan a bar shi sai saƙo na biyu, kashegari. Kada kuma a ambaci sunan magani.

Akwai abin da bai kamata ya shiga saƙon murya ba ko kaɗan. A tsakar gida ake kunna shi, maƙwabta da 'yan aike suna ji. A halin tsaron da ake ciki, kada ka faɗi kuɗin da ka turo, ko ranar da za ka zo, ko hanyar da za ka biyo.

Kafin ka tura, ja alamar makirfo sama ta kulle, ka yi maganarka inda ba ƙarar janareto, ka dakatar ka saurara da kanka. In Inna ta ce kana sauri alhali a hankali ka yi, wataƙila an taɓa maɓallin gudu ne ya koma 1.5x ko 2x, a mayar da shi 1x. Makirfo ya zama shuɗi yana nuna an kunna saƙon, amma mai yiwuwa yaron da ke riƙe da wayar ne ya kunna. Don haka in amsa ba ta zo ba zuwa la'asar, ka kira ka tambaye ta abin da ta ji.