Inbois Ya Dawo Babu Lambar Oda: Amsar Da Ke Fitar Da Kuɗi

A ce ɗan kwangila ya kai wa wani kamfani kujerun ofis 40, kowace a kan naira 50,000. Da harajin kashi 7.5 cikin ɗari, kuɗinsa ya kama naira 2,150,000. Ya tura inbois, sai sashen biyan kuɗi ya maido masa da shi, wai babu lambar oda.

Ba wulaƙanci ba ne. Akanta ba ya sakin kuɗi sai ya jera takardu uku sun yi daidai: takardar odar da kamfani ya bayar, shaidar mai sito cewa kaya sun shigo, da inbois ɗin. Lambar odar ce ke haɗa su a kwamfuta, don haka roƙo ko tuna masa daɗewar hulɗa ba ya buɗe komai.

Kafin ka amsa, ɗauko takardar odar, wadda aka fi sani da `LPO`. A nan ake yawan tuntuɓe, domin wasu kan kwafo lambar takardar farashin da su da kansu suka tura, ko lambar buƙata ta cikin gida mai alamar `PR`, inbois ya sake dawowa. Abin nema shi ne lambar da ke gaban `PO Number`. Ka sa ta a jikin inbois ɗin, a shafin farko. Rubuta ta cikin imel kaɗai ba ya wadatarwa. Ka kuma duba ko adadi da farashi sun dace da odar.

Sai ka amsa a ƙarƙashin saƙon da suka aiko, kamar haka: "Barka da aiki, ranka ya daɗe. Ga gyararren inbois mai lamba 0147 na naira 2,150,000, ɗauke da lambar oda 4500012345. Na haɗa da kwafin odar da takardar kai kaya da mai sito ya sa wa hannu. Wannan ya maye gurbin na farko. Don Allah a tabbatar mini an karɓa, da ranar da za a biya."

Tambayar ƙarshen nan tana da nauyi. Kamfanoni da dama suna fara ƙirga kwana 30 ɗin biya ne daga ranar da ingantaccen inbois ya shiga, kenan jinkirin mako guda wajen amsa jinkirin mako guda ne a aljihunka. In tsarinsu ya ƙi karɓar tsohuwar lamba, ka soke na farko a rubuce kafin ka fitar da sabo, kada a ɗauka sau biyu kake neman biya.

To, in da ma ta waya aka yi odar fa? Akanta ba shi ke fitar da oda ba, aikin sashen sayayya ne. Ka rubuta wa wanda ya ce ka kawo kaya, ka sa akanta a kwafi, ka nemi a fitar da odar ko a amince da biya ba tare da ita ba. Kada ka ari lambar tsohuwar oda don cike gurbi: kuɗin da ke kanta sun riga sun ƙare, kwamfuta za ta ƙi, kuma za a fara kallon takardunka da zargi.