Wasiƙar Neman Ƙarin Wa'adi Ba Tare da Ƙarin Kuɗi Ba

Duk yarjejeniyar tallafi tana ɗauke da ranar fara aiki da ranar rufe shi. Idan aiki ya samu tsaiko, ƙungiyar da ta karɓi tallafin takan rubuta wa mai ba da kuɗin wasiƙa, ta roƙi a ɗage ranar rufewa ba tare da an ƙara mata ko sisi ba. Dalilin wasiƙar shi ne, a mafi yawan yarjejeniyoyi, kuɗin da aka kashe a kan sabon aiki bayan cikar wa'adi ba ya shiga lissafi, kuma abin da ya rage a asusu komawa yake hannun mai shi.

Abu na farko da ake dubawa shi ne lokacin aika wasiƙar. Dole ta isa tun wa'adi bai cika ba, domin farfaɗo da yarjejeniyar da ta riga ta ƙare yana da wuya. Kowane mai tallafi da nasa sharaɗin. A ƙa'idar tallafin gwamnatin tarayyar Amurka, alal misali, wasu tallafin suna ba da damar ƙarin wa'adi sau ɗaya har zuwa watanni 12, muddin an sanar da hukumar a rubuce aƙalla kwanaki 10 kafin ranar rufewa. Ƙa'idar ta kuma hana neman ƙarin don kawai a samu damar cinye ragowar kuɗi. Saboda haka, kafin a ɗauki alƙalami sai a koma ga yarjejeniyar a karanta sashen da ya yi magana kan gyara ta.

Wasiƙar takan fara da sunan aikin, da lambar tallafin, da ranar rufewa ta yanzu, da sabuwar ranar da ake nema. Daga nan sai abin da aka kammala, da abin da ya rage, da dalilin jinkirin. A ɗauka wata ƙungiya ta karɓi naira miliyan 100 don haƙa rijiyoyin burtsatse 20 daga Janairu zuwa Disamba. Zuwa ƙarshen Oktoba ta gama 14. Ƙauyuka shida da suka rage suna hayin kogi, ambaliya ta karya gadar da ake bi a watan Agusta, motar haƙa ba ta samu hanya ba har tsawon wata biyu. Wasiƙar za ta faɗi wannan ƙarara, da ranakun da aka dakatar da aiki da ranar da aka koma, sannan ta nemi ƙarin wata uku, zuwa 31 ga Maris. A ce kawai “an fuskanci ƙalubale” ba ya gamsar da jami'in da zai sa hannu. Idan kuma jinkirin daga ƙungiyar ne, kamar makara wajen ɗaukar ɗan kwangila, gara a faɗa tare da matakin da aka ɗauka, tunda rahotannin baya za su nuna gaskiyar.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne lissafin kuɗi. Tsawaita wa'adi yana nufin ƙarin watannin albashi, da kuɗin haya, da man fetur, alhali kasafin bai ƙaru ba. Mai tallafi zai so ya ga daga ina za a biya su. A misalin nan, an kashe miliyan 68, saura miliyan 32. Rijiyoyi shida a kan miliyan 4 kowace za su ci miliyan 24. Ragowar miliyan 8 za ta riƙe ofis daga Nuwamba zuwa Maris, wato wata biyar a kan miliyan 1 da dubu 600 kowane wata. Wasiƙar za ta bayyana cewa rarar ta samu ne daga kuɗin mai da alawus na tafiye-tafiye da ba a kashe ba lokacin da aiki ya tsaya. Tunda hakan ɗauke kuɗi ne daga wani sashe na kasafi zuwa wani, sau da yawa yana buƙatar izini na musamman, kuma a cikin wannan wasiƙar ake neman sa.

Akan haɗa wasiƙar da sabon jadawalin aiki wata-wata da bayanin kuɗin da aka kashe, sannan wanda ya sa hannu a yarjejeniyar ko mai riƙe da muƙaminsa ya rattaba mata hannu. Wa'adin da za a nema ya zama wanda zai isa har da gwajin ruwa da miƙa rijiyoyin ga jama'a, domin roƙo na biyu ya fi na farko wuyar samun karɓuwa. Alkawarin baki ko amsar waya ba sa sauya yarjejeniya. Tsohuwar ranar rufewa tana nan daram har sai amincewa ta zo a rubuce.