Yadda Cakin Banki Yake Aiki da Dalilan da Ke Sa a Dawo da Shi

Muna jan hankalin manoma, 'yan kasuwa da ma'aikatan ƙananan hukumomi cewa caki ba kuɗi ba ne a hannu. Umarni ne a rubuce daga mai asusu zuwa ga bankinsa cewa a biya wani mutum wani adadi. Yana ɗauke da kwanan wata, sunan wanda za a biya, adadin kuɗi cikin kalmomi da kuma lambobi, sai sa hannun mai asusun. Muddin bankin mai asusun bai amince da wannan umarni ba, to ba a biya ka ba tukuna.

Yadda ake tantance caki

Mu ɗauki misalin manomin da ya sayar wa wani ɗan kasuwa masara ta naira 400,000, aka ba shi cakin wani banki dabam da nasa. Ba zai iya karɓar tsabar kuɗin a kan kanta ba, domin tun watan Disamba na 2022 Babban Bankin Nijeriya ya ƙayyade cewa cakin da aka rubuta wa wani, idan ya haura naira 100,000, sai dai a zuba shi cikin asusu. Saboda haka zai kai shi bankinsa, ya cike takardar ajiya, ya adana kwafinsa mai hatimi.

A da, takardar cakin ce da kanta ake ɗauka daga banki zuwa banki, abin da ya sa ake daɗewa ana jira. Daga shekarar 2013 duk faɗin ƙasa aka koma ga aika hoton caki da bayanansa ta na'ura, ta hanyar cibiyar NIBSS mai daidaita biyan kuɗi tsakanin bankuna. Bankin ɗan kasuwar zai duba hoton, ya gwada sa hannu da wanda ke ajiye a wurinsa, ya tabbatar akwai isasshen kuɗi, sannan ya biya ko ya ƙi.

Tsawon lokacin jira

Bisa ƙa'ida, kuɗin yana tabbata ne a ƙarshen ranar aiki da ke biye da ranar da aka shigar da cakin. Asabar, Lahadi da ranakun hutu ba sa cikin lissafi. Idan manominmu ya kai caki da safiyar Talata, sai ya sa ran kuɗinsa daren Laraba. Idan ranar Juma'a ce, sai Litinin. Idan kuwa ya isa banki da yamma bayan an rufe aika cakuna na ranar, za a ƙidaya masa daga ranar aiki ta gaba, ya zama Talata ke nan.

A nan ne mutane da yawa ke yin asara. Saƙon waya na iya nuna cewa an shigar da caki, alhali ba a gama tantance shi ba. Adadin da za a dogara da shi shi ne wanda banki ya rubuta a ƙarƙashin Available Balance, wato kuɗin da za a iya cirewa. Kada a ɗora buhu ko ɗaya a mota sai naira 400,000 ɗin ta bayyana a wurin.

Dalilan dawo da caki

Babban dalili shi ne rashin isasshen kuɗi. Ko naira 390,000 ce a asusun ɗan kasuwar, banki ba zai biya wani ɓangare ba, zai dawo da cakin baki ɗaya.

Har ila yau akwai kurakuran rubutu: adadin da ke cikin kalmomi ya saɓa da na lambobi, ko an yi gyara ba tare da mai asusu ya sa hannu kusa da gyaran ba, ko sa hannun bai yi daidai da na banki ba. Asusun ƙungiya ko na ofis yakan buƙaci sa hannun mutum biyu, kuma idan ɗaya ne kawai ya sa, ba za a biya ba.

Kwanan wata ma yana hana biya. Cakin da ranarsa ba ta zo ba sai an jira ta, wanda kuma ya wuce wata shida ya tsufa, sai an sake rubuta sabo. Bugu da ƙari, mai asusu na iya umartar bankinsa ya dakatar da biya, kuma cakin da ya haura naira miliyan 10 ba ya shiga wannan tsari tun 2010.

Abin yi idan an dawo da caki

A nemi banki ya bayyana dalili a rubuce. Idan kuskuren rubutu ne, sai a koma wa mai asusu ya gyara. Idan rashin kuɗi ne, dokar 1977 kan cakin da banki ya ƙi biya ta tanadi ɗaurin shekara biyu ba zaɓin tara ga wanda ya karɓi kaya da irin wannan caki, matuƙar an gabatar da shi cikin wata uku daga ranar da ke jikinsa. Don haka muna shawartar jama'a da kada su ajiye caki a gida, su kai shi banki da wuri, su kuma adana shi tare da shaidar ciniki.