Taurin Bayan Gida: Abin da Wankin Ciki Ba Ya Gyarawa

A kusan kowace tashar mota ana samun mai tallan maganin wankin ciki, da lasifikarsa da kwalabensa, kuma ba ya rasa masu saye. Galibinsu matsala guda ce ke kai su wurinsa: kwana uku ko huɗu ba su zaga ba, in kuma sun je sai an yi ta nishi kafin wasu ƙwallaye busassu kamar kashin awaki su fito. Su sha maganin, ciki ya ɓarke, su ji sakayau. Bayan mako guda an koma gidan jiya.

Dalilin yana cikin yadda babban hanji yake aiki. Ragowar abinci tana isa can ne ruwa-ruwa, aikin hanjin kuma shi ne ya tsotse ruwan ya mayar wa jiki. Gwargwadon daɗewar da ragowar ta yi a ciki, gwargwadon bushewarta. Shi ya sa likitoci ba sa tsayawa kan ƙirga kwanaki kaɗai. Daga sau uku a rana zuwa sau uku a mako duk lafiya ce, muddin abin yana fita da laushi ba tare da wahala ba. Wanda yake zagawa kullum amma da ƙyar, yana kuma tashi da jin bai gama ba, shi ma yana da taurin bayan gida.

A ɗauki misalin direban babbar mota, ɗan shekara arba'in, mai jigila tsakanin Kano da Legas. Karin kumallonsa shayi da farin burodi, da rana farar shinkafa da miya, da dare taliyar leda da ƙwai. Yana rage shan ruwa da gangan don kada fitsari ya riƙa tsayar da shi. In bayan gida ya matso shi a hanya sai ya danne, domin babu wurin da ya dace. Ga zama na awa goma a kan kujera, ga kuma tiramadol da yake sha saboda ciwon baya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana rage gudun hanji, tiramadol da kodin kuwa suna cikin waɗanda suka fi ɗaure ciki. Ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu juna biyu ita ma tana yin haka.

Gyaran wannan direba yana farawa ne daga kwanon abincinsa. Abin da ya rasa shi ne harza, wato ɓangaren hatsi da ganye da 'ya'yan itace da ciki ba ya narkarwa. Harza tana riƙe ruwa a cikin bayan gida, ta ƙara masa auki, hanji ya sami abin turawa. Baligi yana buƙatar giram 25 zuwa 30 a rana. Kofi guda na dafaffiyar farar shinkafa bai kai giram 1 ba, amma kofi guda na dafaffen wake ya haura giram 10. Ke nan in direban ya mayar da shinkafarsa garau-garau mai wake da yawa, ya riga ya sami kashi ɗaya cikin uku na abin da yake buƙata a kwano guda.

Sauran duk suna kasuwa kuma ba su da tsada: miyar kuka, miyar kuɓewa, kwaɗon zogale ko na rama, alale, gwaiba, gwanda, mangwaro, dabino, dankalin Hausa da ɓawonsa. Akwai kuma wani abu da mata masu girki za su duba. Surfen da ake yi wa dawa da gero da masara don tuwo ya yi fari, shi ne ke cire dusar, kuma a cikin dusar nan mafi yawan harzar take. Tuwon datsa, wanda ba a surfe hatsinsa ba, ya fi amfani ga mai wannan matsala, ko da bai kai ɗayan kyau a ido ba. Sai dai a ƙara a hankali cikin mako biyu zuwa uku. Wanda ya auka wa wake da ganye rana ɗaya, kumburin ciki da iska za su sa ya tuba.

Harza ba ta aiki sai da ruwa, ƙara ta a busasshen ciki ma na iya ƙara ɗaurewa. Lita ɗaya da rabi zuwa biyu a rana, wato ledar fiya wata uku zuwa huɗu, ta ishi yawancin mutane, amma a zafin bazara ko ga mai aikin ƙarfi sai an ƙara. Fitsari ne ma'auni: in ya yi duhu, ruwan bai isa ba. Mai azumi ya rarraba shansa tsakanin buɗa baki da sahur. Mai ciwon ƙoda ko na zuciya da likita ya ƙayyade wa ruwa, ya tsaya kan abin da aka ce masa.

Tafiyar ƙafa ta minti talatin a rana tana motsa hanji, ko da an raba ta gida biyu. Hanji kuma ya fi motsi bayan cin abinci, musamman na safe, don haka lokacin ne ya fi dacewa a shiga banɗaki, a tsuguna ba tare da yunƙuri mai ƙarfi ba. Tsugunon gargajiya ya fi zaman masan zamani sauƙaƙa fita. Mai amfani da na zama ya sa ɗan kututture ya ɗora ƙafafunsa. Yawan yunƙuri ne ke jawo basir da tsagewar dubura.

To yaushe magani ya dace? Idan an yi mako biyu zuwa huɗu ana waɗannan gyare-gyare ba a ga canji ba, ko kuma bayan gidan ya riga ya yi taurin da fitarsa ke sa zafi, ko mutum yana kan maganin da ke ɗaure ciki wanda ba zai iya bari ba. Ga bayan gida mai tauri, an fi farawa da irin wanda ke jawo ruwa cikin hanji, kamar laktulos: mililita 15 sau biyu a rana, kuma yana iya ɗaukar kwana biyu kafin ya yi aiki, don haka kada a ninka shi saboda gajen haƙuri. Idan ya yi laushi amma ya ƙi fita, sai irin wanda ke zaburar da hanji, kamar bisakodil ko sena, a sha da dare ya yi aiki da safe, na 'yan kwanaki kawai. Idan kuwa ya tokare a bakin dubura, matsin giliserin yakan yi aiki cikin rabin awa.

Filasko ɗan gidan su sena ne, kuma yana aiki. Matsalarsa ita ce babu awo, wani jiƙon ya yi rauni, wani ya sa murɗar ciki da zawon da zai ƙarar da ruwan jiki. Bayan irin wannan wanki hanji yakan zama fayau, sai a yi kwana biyu ko uku ba a zaga ba, mutum ya ɗauka ciwon ne ya dawo, ya sake sha.

Akwai lokacin da bai kamata a sha komai ba sai an ga likita. Ciki ya kumbura da ciwo mai tsanani da amai, ko iska ba ta fita: wannan na iya zama toshewar hanji, maganin zawo kuma zai ƙara masa haɗari, asibiti za a nufa nan take. Jini a bayan gida, ko baƙin bayan gida ga wanda ba ya shan ƙwayar ƙarin jini, ko rama ba dalili, ko canjin da ya zo sabo ga wanda ya haura shekara 50, duk suna buƙatar bincike, domin ciwon dajin hanji yakan fara da irin waɗannan alamu. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu, kada ya yanke wa kansa hukuncin cewa basir ne, ya je a duba shi.