Kafin ka sauka Jidda, tambayi otal ƙofar da mota ke shiga

Duk wanda ya taɓa zuwa Umra ba tare da jagoran kamfani ba ya san wannan lokacin: tasi ta tsaya a gaban shingen askarawa, direba ya waiwayo ya ce "huna", wato nan ne iyaka. Ga otal ɗinka can kana hango shi, fitilunsa na haskawa, amma tsakaninku akwai taron masallata da tudu da akwatuna huɗu. Haka ta same mu da mahaifiyata a tafiyarmu ta farko. Mun isa ana gab da kiran sallar Asuba, an rufe titi, ita kuma gwiwa ba ta barinta doguwar tafiya. Adireshin da ke hannuna daidai yake. Abin da ban sani ba shi ne adireshi yana nuna inda gini yake ne kawai, ba ya faɗin ta inda mota za ta kai ka bakinsa. Tun daga ranar ban sake kama ɗaki a Makka ba sai na aika wa otal imel mako guda kafin tashi.

Dalilin yana cikin yanayin garin. Makka duwatsu ne suka kewaye ta, kuma hanyoyi da yawa da ke kai wa Harami ta cikin dutse ko ta ƙarƙashin ƙasa aka haƙa su. Ɗauki Abraj al-Bait, dogon ginin nan mai agogo da ke fuskantar Ƙofar Sarki Abdul'aziz. Otal-otal da dama ne a cikinsa, kowane da ƙofarsa da liftarsa, ga kasuwa a hawayen ƙasa. Ɓangaren da ke kallon Harami na masu tafiya a ƙasa ne, motoci kuwa ta wata hanya daban suke shigowa. Idan ka buga sunan otal a Google Maps, alamar takan faɗo tsakiyar ginin ko farfajiyar da mota ba ta takawa, kuma da zarar kun shiga ƙarƙashin ƙasa wayar takan rikice domin ta daina samun tauraron ɗan'adam. Sunaye ma suna ruɗarwa. A cikin wannan gini ɗaya akwai Swissôtel Makkah akwai kuma Swissôtel Al Maqam, a unguwar Jabal Umar kuwa otal mai sunan Hilton ya fi ɗaya. Direban da ka gaya wa rabin suna zai kai ka wanda ya fi sani.

Saboda haka wasiƙar ba ta "ina otal ɗinku yake?" ba ce. Wannan tambayar, ma'aikaci zai amsa ta da adireshin da ka riga ka mallaka. Sai ka fara ba shi abin da zai gina amsa a kai. Na farko, tashar da za ka fito. Filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda yana da Terminal 1, sabuwar tasha, da North Terminal, da kuma tashar alhazai mai rufi kamar tantuna, kuma ba a haɗe suke ba balle a taka da ƙafa. Tikitinka ne zai nuna maka taka. Bambancin yana da muhimmanci domin tashar jirgin ƙasa na Haramain a Terminal 1 take. Wanda ya hau shi zai sauka a Rusaifa, bai kai Harami ba tukuna, don haka kwatancen da yake bukata daga Rusaifa zai fara.

Na biyu, lokaci, kuma a nan mutane suka fi faɗawa rami. Agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da Nijar da awa biyu, amma lokacin sauka da ke kan tikiti na Jidda ne, kada ka ƙara masa komai. Abin da za ka ƙara shi ne layin duba fasfo da jiran kaya, sannan tafiyar kusan kilomita 100 zuwa Makka. Jirgin da ya sauka ƙarfe 1 na dare yana iya kai ka bakin Harami wajen ƙarfe 4 ko 5, daidai lokacin da tituna ke cika da masu zuwa Asuba. Kuma idan daren nan wayewar Talata ne, ɗakin da za ka kwana a ciki na daren Litinin ne. Wanda ya kama daga Talata zai zauna a kujerar baƙi cikin ihraminsa har rana ta yi nisa, wanda kuma ya kama daga Litinin bai sanar ba, ana iya ɗauka bai zo ba a saki ɗakinsa.

Ga irin wadda nake aikawa. Da Turanci ko Larabci take tafiya, amma ma'anarta ke nan:

"Assalamu alaikum. Na kama ɗaki a otal ɗinku daga daren Litinin, ga lambar kamun a sama. Jirginmu zai sauka Terminal 1 a Jidda ƙarfe 1 na dare, wayewar Talata, muna sa ran isowa da tasi tsakanin 4 da 5 na asuba, don Allah a riƙe mana ɗakin. Mu uku ne, da akwati huɗu, kuma mahaifiyata a keken tura marasa lafiya take. Ina roƙon amsar abu huɗu. Ta wane titi ko wace hanyar ƙarƙashin ƙasa mota ke shigowa, kuma me aka rubuta a allon mashigar? A turo mini alamar taswira ta wurin sauke fasinja, ba ta ginin ba. Idan an rufe hanya saboda salla, ina direba zai ajiye mu, kuma akwai mai taya mu ɗaukar kaya daga can? Daga inda muka sauka, wace lifta ce ke kai wa wurin karɓar baƙi, a hawa na nawa yake? A taimaka a rubuta kwatancen da Larabci domin in nuna wa direba, a haɗa da lambar wayar da ake ɗauka da dare. Na gode."

Kowace tambaya a ciki tana da amsa guda, gajera, wadda ba za a iya kauce mata ba. Maganar hawa kuwa kada a raina ta. A manyan gine-ginen gefen Harami, wurin karɓar baƙi sau da yawa yana sama, liftar kasuwa daban, ta otal daban, kuma mai tura tsohuwa a keke ba ya iya bin matakala mai tafiya da kanta kamar sauran jama'a.

Idan amsa ta zo, ka auna ta. Wadda ta ce "muna gaban Harami, minti biyar" ta mai tafiya a ƙasa ce, ba ta amsa komai ba. Buɗe alamar da aka turo, ka mayar da taswirar zuwa hoton sama, ka duba: a kan kwalta ta sauka ko a kan rufin gini? In a kan rufi ne, sake rubutawa ka ce wurin tsayawar mota kake nufi. In kwana biyu suka wuce shiru, kira waya, ka nemi ma'aikatan da ke tarbar baƙi a ƙofa, domin su ne ke ganin motoci suna shigowa kullum, sun fi mai ofishin kama ɗaki sanin wace hanya ke buɗe a wane lokaci. A Ramadan da ranar Juma'a na kan tambayi abu ɗaya ƙari: awa nawa kafin salla ake fara tare hanya a ɓangarensu.

Daga nan sai ka ɗauki hoton amsar a allon waya, ka kuma buga ta a takarda, saboda layin gida ba lallai ya kama intanet a Jidda ba. Kafin a sa akwati a but, miƙa wa direba takardar Larabcin, ka jira ya karanta sunan mashigar da bakinsa. A tafiyarmu ta biyu haka na yi. Direban ya karanta, ya ce ya san wurin, kuma mota ta tsaya mana taku kaɗan daga ƙofar liftar da aka ambata, wani ma'aikaci yana tsaye da amalanken kaya.