Lamba ko Awo: Wanne Za a Dogara da Shi Wajen Odar Takalmi Daga Waje?

Mai sayen takalmi a kasuwa yakan zura ƙafa ya taka, gani ya kori ji. Mai yin oda daga Ingila ko Turkiyya ko Sin ba shi da wannan damar, kuma in takalmin ya iso ya matse shi, kuɗin mayar da shi kan kusa cinye kuɗin sayensa. Hanya biyu ke gabansa. Ko dai ya riƙe lambar da ya saba sawa, ya duba jadawalin canji ya nemo takwararta a wata ƙasa, ko kuma ya auna ƙafarsa da milimita ya bi wannan awon. Ni ina bayan hanya ta biyu, amma kowace tana da ranarta da kuma iyakarta.

Hanyar lamba tana da sauƙi. Mutum ya san yana sa 43, ya buɗe jadawali ya ga 9 ce a Birtaniya, ya biya kuɗi, shi ke nan. In daga kamfanin da ya saba sayen kayansa ne, kuma irin samfurin da ya taɓa sawa, to da wuya ta ci amanarsa. Matsalar tana farawa ne idan aka ƙetara daga wani tsari zuwa wani, domin tsare-tsaren ba da taki ɗaya suke tafiya ba. A Birtaniya da Amurka, tsakanin lamba da lamba sulusin inci ne, wajen milimita 8.5. A Turai kuwa kashi biyu cikin uku na santimita ne, wajen milimita 6.7. Tun da takin ya bambanta, lambobin ba sa faɗawa daidai kan juna, sai kowane kamfani ya matsar da su zuwa inda ya ga dama. Shi ya sa kambas ɗin Nike mai lamba 10 ta Amurka yake ɗauke da 9 ta Birtaniya, na Adidas mai 10 ɗin kuma yake ɗauke da 9.5. Ga kuma lambar mata ta Amurka, wadda ta ɗara ta maza da kusan ɗaya da rabi a takalmi mai tsawo ɗaya.

Akwai wani dalili da ya fi wannan zurfi. Lambar Turai da ta Birtaniya asalinsu ba ƙafar mutum suke faɗi ba, tsawon ƙafar katako ko roba da ake haɗa takalmin a kanta suke faɗi. Ita kuwa takan fi ƙafar mutum da santimita ɗaya da rabi zuwa biyu, don yatsu su sami wurin motsi, kuma kowane kamfani da irin rarar da yake bari.

Hanyar awo tana fara ne daga ƙafar kanta, kamar yadda baduku yake ɗora ƙafar mutum a kan kwali ya zana kafin ya yanka fata. A kanta aka gina tsarin Mondopoint na ma'aunin ISO 9407, kuma Japan da Koriya ta Kudu da sabon tsarin Sin duk da tsawon ƙafa suke rubuta lambarsu. Sai dai awon ba ya amfani sai an yi shi daidai. A yi shi da yamma, domin ƙafa takan ɗan kumbura bayan yinin zirga-zirga. A sa irin safar da za a riƙa sawa da takalmin. A shimfiɗa takarda a daɓe mai tauri, gefenta ya jingina da bango, mutum ya tsaya a kai diddigensa na taɓa bangon, nauyinsa a kan ƙafafu biyu. Awon zaune yakan fito gajere, don ƙafa sai ta ɗauki nauyi take bajewa. Wani ne zai sa alama a ƙarshen yatsan da ya fi tsawo, wanda ba lallai babban yatsa ba ne, ya kuma riƙe fensir a tsaye cak. In fensirin ya karkata ya shiga ƙarƙashin yatsa, an ci milimita uku ko huɗu, rabin lamba ke nan. A auna ƙafafun biyu, a yi aiki da wadda ta fi girma.

A ɗauka mutum ya auna, dama ta ba shi milimita 268, hagu 271. Da 271 zai yi lissafi. In aka ƙara rarar santimita 1.5, tsawon cikin takalmin da yake bukata ya zama santimita 28.6, wato inci 11.26.

```
EU = 28.6 × 1.5 = 42.9
UK = (11.26 × 3) − 25 = 8.8
```

Ke nan 43 ce tasa a Turai, 9 a Birtaniya, 9.5 ko 10 a Amurka gwargwadon kamfani. Zuwa nan hanyoyin biyu sun yi tarayya. Inda suke rabuwa shi ne idan odar daga Sin ce. Tsohon tsarin lambobin can, wanda masu sayarwa da yawa ke amfani da shi har yanzu, yana ninka tsawon ƙafa a santimita sau biyu ya cire goma. A wannan lissafin 43 takalmin ƙafa mai milimita 265 ne. Mutuminmu, in ya rubuta 43 don ita ya saba, takalmin da ya gaza masa da milimita 6 zai iso. Abin da ya dace da shi 44 ne, mai 270, in buɗaɗɗen takalmi ne, ko 45, mai 275, in sau-ciki ne. Mai bin lamba ba zai gano wannan ba sai ya kwance kwali, mai awo kuwa tun a allon waya zai gani.

Duk da haka awo ma yana da tarkonsa. Na farko, jadawalin mai sayarwa kan nuna ko dai `Foot length` ko `Insole length`. Na farkon tsawon ƙafa ne, da shi za a gwada 271 kai tsaye. Na biyun tsawon shimfiɗar cikin takalmi ne, dole ya fi ƙafa da santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wanda ya zaɓi shimfiɗa mai 271 don ta yi daidai da ƙafarsa, yatsunsa za su riƙa dukan hancin takalmin a kowane taki. In jadawalin bai fayyace ba, a nemi mai sayarwa ya zaro shimfiɗar ya ɗora ta a kan rula ya turo hoto.

Na biyu, tsawo ba ya faɗin faɗi. Wanda ya tashi da silifa da buɗaɗɗen takalmi yakan kasance da bajajjun yatsu, kuma takalmi mai tsinin hanci zai takura masa ko da tsawon ya yi. Don haka a zagaya tef ɗin tela a inda ƙafa ta fi faɗi, gindin yatsu, a ajiye wannan awon ma. A tsarin Amurka harafin `D` shi ne matsakaicin faɗi na maza, `B` na mata, `2E` da `4E` kuma na masu faɗin ƙafa. Ƙara lamba ɗaya don a sami faɗi ba magani ba ne: diddige zai riƙa zamewa yana fita, ya yi bororo, takalmin kuma ya riƙa lanƙwasa ba a inda ƙafa ke lanƙwasa ba.

Saboda haka lamba ta isa ga wanda zai maimaita sayen abin da ya riga ya sani. Ga sabon kamfani ko sabuwar ƙasa kuwa, a fara da milimita, a kai ta kan jadawalin wannan kamfanin na kansa, lambar da ta faɗo a kai ita za a rubuta a oda, ko da ta saɓa wa wadda aka saba. In awon ya faɗi tsakanin lamba biyu kuma takalmin sau-ciki ne, a ɗauki babbar, domin ana cike rara da ƙarin shimfiɗa ko safa mai kauri, amma fata ko ta saki a faɗi take saki, takalmi ba ya ƙara tsawo.